Yadda Ake Bambance Kalmar Ofis da Kalmar Hira ta Alamomin Ƙamus

A ƙamus ɗin Turanci na masu koyo, irin su Oxford Advanced Learner's Dictionary da Longman Dictionary of Contemporary English da na Cambridge, akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ake sakawa kafin a ba da ma'ana. Galibi da rubutun tafiyar tsutsa suke zuwa, wani lokaci cikin baka biyu, kuma ido yakan tsallake su ya faɗa kan ma'anar kai tsaye. To su ne alamomin da ke gaya maka inda ake faɗar kalma da inda ba a faɗarta, abin da masu nazarin harshe ke kira rajista. Ma'ana tana ba ka abin da kalma take nufi, alama kuma tana ba ka gaban wanda za ka iya furta ta.

Bahaushe ba baƙon wannan abu ba ne. Kowa ya san mutu da rasu da sheƙawa barzahu abu guda suke nufi, amma ba mai zuwa zaman makoki ya ce mamacin ya sheƙa. Da kunne muka koyi wannan tun muna yara. Matsalar ita ce Turanci a littafi yawancinmu muka same shi, kunnenmu bai sha shi a tsakar gida ba, don haka sai a ba mu kalma uku a ce duk ɗaya ne mu yarda. Ga yadda za ka sa ƙamus ya yi maka aikin da kunne ya yi maka a Hausa.

Mataki na farko: samu ƙamus mai alama, ka karanta shafin alamominsa

Ba kowane ƙamus ne zai yi maka wannan aiki ba. Ƙananan na aljihu da ake sayarwa a bakin makaranta sukan yar da alamomin don rage shafi. Ƙananan na Turanci zuwa Hausa kuma sukan ba ka fassara ɗaya tak, ka duba kalma uku ka tarar da "mutu" a gaban kowacce. Manhajojin waya da yawa ma haka suke. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe kalmar *kid*. Idan ka ga an rubuta *informal* kafin ma'anar yaro, ƙamus ɗin zai yi. Idan ba ka gani ba, ajiye shi don duba rubutun kalma kawai. Waɗannan ukun da na ambata duk suna da shafukan intanet da ake dubawa kyauta, kuma alamomin suna nan.

Da ka samu, kada ka fara da kalmar da kake nema. Juya zuwa bangon ciki ko shafukan farko, inda aka jera alamomin da bayaninsu. Minti biyar ya isa. Dalili kuwa kowane ƙamus da nasa tsarin, kuma tsofaffin bugu sukan taƙaita su, ka ga *fml* ko *infml* ko *sl*, ka ɗauka shirme ne na maɗaba'a.

Alamomin suna da yawa, amma biyar ne za ka riƙa cin karo da su kullum. *Formal* na nufin kalmar ta takarda ce: wasiƙar ofis, rahoto, jawabin taro, kuma idan ka faɗe ta a hira za a ji ta da nauyi. *Informal* na nufin ta hira ce tsakanin waɗanda suka saba, ba laifi a baki ko a saƙon waya, amma ba ta shiga takardar hukuma. *Slang* ita ce sara, wadda ta fi waccan sakin jiki, kuma sau da yawa ta wani rukuni ce kamar matasa ko sojoji. *Literary* ta adabi ce, ta waƙa da ƙagaggen labari. *Old-fashioned* kuma ta tsufa, tana kan hanyar fita, ko da yake dattawa na iya faɗarta.

Akwai rukuni na shida da ba a rubuta shi a shafin alamomin ba, kuma shi ya fi kowanne yawa da amfani: kalmar da ba a sa mata alama ko ɗaya ba. Rashin alama ba mantuwa ba ce. Yana nufin kalmar tsaka-tsaki ce, tana shiga ofis tana shiga hira. *Buy*, *child*, *start*, *live*, *die*, duk ba su da alama a ma'anarsu ta yau da kullum. Ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran aikin zai tsaya.

Mataki na biyu: san wanda za ka rubuta wa kafin ka buɗe ƙamus

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tambayi kanka: da a Hausa zan yi wa mutumin nan magana, zan ce "ranka ya daɗe" ko zan ce "kai mutumina"? Idan na farko ne, kalmomi marasa alama za ka nema, da 'yan masu *formal* inda ta kama. Idan na biyu ne, marasa alama da masu *informal*. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO sun san wannan rabo, tunda akan ba su wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko editan jarida a gefe guda, wasiƙa zuwa ga aboki a ɗaya gefen, kuma mai maki yana duba ko harshen ya dace da wanda aka rubuta wa.

Mataki na uku: dubi inda alamar take zaune

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan tsaya. Alama ba kan kalma take ba, kan ma'ana take. Kalma ɗaya na iya zama da ma'ana huɗu, ɗaya ta hira, ɗaya ta adabi, biyu tsaka-tsaki. Wurin da aka ajiye alamar shi ke nuna iyakar ikonta.

Idan ta zo a sama, bayan kalmar da furucinta, kafin a fara ƙirga ma'anoni da 1, 2, 3, to ta shafi dukkansu. Idan ta zo bayan lambar wata ma'ana, wannan ma'anar kaɗai ta shafa. Idan kuma ta zo a gaban wani misali ko wani salon magana da ke ƙasan shafi, a nan ta tsaya.

Ɗauki *kid* ɗin nan. A ma'anar yaro tana da *informal*. A ma'anar ɗan akuya ba ta da komai, don ita ce kalmar da malamin gona zai rubuta a rahotonsa. Ɗauki *expire*. A ma'anar ƙarewar wa'adin fasfo ko lasisi ba alama, kowa na faɗa. Ka gangara ƙasa zuwa ma'anar mutuwa, a nan Oxford ya sa *literary*. Wanda ya tsaya a ma'ana ta farko ya ga ba alama zai ɗauka kalmar fes take a ko'ina. Haka *mad*: a ma'anar fushi an sa mata *informal*, an ƙara da cewa an fi jin ta a Turancin Amurka ta Arewa.

Saboda haka ka sa yatsa a kan ma'anar da kake nufi tukuna, sannan ka duba hagunta, sannan ka ɗaga kai ka duba saman shigar gaba ɗaya. Wuri biyu ke nan, kowace kalma.

Ka lura kuma da kalmomin da ake raɓa wa alamar. *Rather formal* ba ta kai *formal* nauyi ba, tana kusa da tsakiya. *Formal or humorous* kuwa gargaɗi ne babba: kalmar ta yi nauyin da idan ba a takardar lauya ba, masu harshen da zolaya suke faɗarta. Za mu gan ta a aikace.

Mataki na huɗu: jera 'yan uwan kalmar, ka duba kowacce a shafinta

A ce wani ma'aikaci mahaifinsa ya rasu, yana son rubuta wa manajansa ya nemi a ba shi wani ɓangare na albashi kafin wata ya ƙare. Ga abin da ya fara rubutawa:

*My dad kicked the bucket last week and I am broke. I have three kids and my brother was sacked. I am fed up.*

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki, kuma duk gaskiya ya faɗa. Kada ka yi masa dariyar *kicked the bucket*. A jerin salon magana da ake haddacewa don jarrabawa akan rubuta ta, a gabanta a sa *to die*, shi ke nan, ba wanda ya ce masa ta wasa ce.

Abin yi shi ne ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da yake shakka, ya ɗauki takarda ya raba ta gida uku: hira a hagu, tsaka-tsaki a tsakiya, ofis a dama. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

*Dad* tana da *informal*, ma'anar da aka ba ta kuma ita ce *father*. Ga wata dabara a nan: ƙamus na masu koyo da kalmomin tsaka-tsaki yake bayani. Oxford da Longman duk sun taƙaita kansu ga 'yan dubban kalmomi masu sauƙi wajen rubuta ma'ana. Don haka idan ka buɗe kalmar hira ko ta ofis, kalmar da aka yi maka bayani da ita sau da yawa ita ce ta tsakiyar da kake nema. Ba sai ka je ko'ina ba. *Dad* ta tafi hagu, *father* tsakiya.

*Kick the bucket* ba za ka same ta a jerin manyan kalmomi ba, tana ƙasan shigar *kick*, cikin salon magana. Alamarta ta hira ce da barkwanci. Daidai take da a ce wane ya sheƙa. Bayaninta *die* ne, wadda ba ta da alama. Amma tunda mahaifi ake magana, sai a duba *pass away*. Ita ba alamar ofis aka sa mata ba, bayani aka yi cewa mutane na faɗarta don kauce wa furta *die*. Wato ita ce "rasu" ta Turanci. Wannan ya nuna wani lokaci labarin rajista yana cikin jimlar bayanin, ba a cikin alama ba, don haka ka karanta har ƙarshe.

*Broke* a ma'anar rashin kuɗi *informal* ce. *Kids* ma haka, *children* ce ta tsakiya. *Fed up* ita ma *informal*.

*Sacked* ce za ta ba mutane mamaki, don kullum muna ganinta a kanun jaridun Najeriya, an kori kwamishina, an kori koci. Amma Oxford ya sa mata *informal*, ya ce an fi jin ta a Turancin Birtaniya. Jarida na son ta ne saboda gajarta, *sack* mai harafi huɗu ta fi shiga kanun labari. Ganin kalma a jarida ba shaida ba ce cewa ta ofis ce. Wadda ba ta da alama ita ce *dismiss*.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ɓata aikin. Da zarar sun gane kalmominsu na hira ne, sai su ruga can ƙarshen dama, su nemo mafi tsawo da nauyi. Sai wasiƙar ta koma haka:

*My father expired last week and I am impecunious. I have three offspring. I beseech you to come to my aid.*

Wannan ta fi ta farko muni, a ganina, don ta farko aƙalla mutum ne ke magana. Bi ta da ƙamus ka gani. *Expired* a wannan ma'ana ta adabi ce, kuma mai karatu na yau abin da zai fara faɗo masa shi ne magani ko katin da wa'adinsa ya wuce. *Impecunious* da *offspring* duk suna ɗauke da *formal or humorous*, ma'ana manajan na iya zaton zolaya ake yi. *Beseech* kuma roƙo ne na durƙuso irin na tsofaffin littattafai. Kamar mutum ne aka ce masa singileti ba ta shiga ofis, sai ya dawo da alkyabba da rawani.

Abin da ya kamata ya fito daga takardar nan mai gida uku shi ne:

*My father passed away last week, and I am short of money. I have three children to support, and my brother has lost his job. I am writing to request a salary advance.*

Ƙirga ka gani: kusan duka daga gidan tsakiya suka fito. Kalma ɗaya ce ta karkata dama, wato *request*, wadda ƙamus ya bayyana da neman abu cikin ladabi ko ta hanyar hukuma, kuma an ajiye ta daidai inda ake neman alfarmar. *Lost his job* ta maye gurbin *dismissed* don ta biyun na iya sa a yi zaton ɗan uwan laifi ya yi. *Fed up* kuma ba a nemo mata 'yar uwa ba, cire ta aka yi. Ba kalmar ce kaɗai ta hira ba, ƙorafin kansa na hira ne, ba wurinsa a wasiƙar neman alfarma. Wannan hukunci ƙamus ba zai yanke maka shi ba.

Mataki na biyar: tabbatar ma'anar ɗaya ce, kuma ginin jimlar bai canza ba

Kalmomin da ake cewa ma'anarsu ɗaya da wuya su yi daidai ta kowace fuska. Kafin ka musanya, karanta misalan da ke ƙarƙashin sabuwar kalmar, ka ga ko akwai mai kama da jimlarka. *Commence* tana da *formal* kuma ma'anarta *start*, amma taro ko shari'a ake cewa sun yi *commence*. Mota kuwa idan ta ƙi tashi, *start* ce kawai. *Reside* tana nufin *live* a ma'anar zama a wuri, ba a ma'anar rayuwa ba. *Purchase* tana nufin *buy*, ta dace da rasit da takardar kwangila, amma ba da ita ake sayen ƙosai ba.

Sai ginin jimla. Kalmar ofis sau da yawa ba ta tafiya da 'yar rakiyar da ta tsakiya ke tafiya da ita. Ana cewa *ask for* abu, amma idan *request* aikatau ce ba ta ɗaukar *for*. Ana cewa *talk about*, amma *discuss* ba ta ɗaukar *about*. Waɗannan kurakurai biyu sun cika wasiƙun ofis a ƙasar nan, kuma asalinsu ɗaya ne: an cire kalma an dasa wata, an bar jelar ta farko a wurin. Ƙamus yana nuna ginin da baƙin rubutu mai kauri kafin misalai, kamar *request something* ko *discuss something with somebody*. Kwafi wannan ginin tare da kalmar.

Akwai kuma wani camfi da ake koyarwa, wai duk aikatau mai kalma biyu na hira ne. Ba haka ba ne. *Carry out* ba ta da alama, kuma rahotannin bincike cike suke da ita. Kowanne sai an duba shi da kansa.

Alamomin da ba na rajista ba ne amma suna iya kayar da kai

A wuri ɗaya ake rubuta su da waɗancan, shi ya sa ake cakuɗa su. Wasu na nuna ƙasa ne, kamar *BrE* don Birtaniya da *NAmE* don Amurka ta Arewa a bugun Oxford na takarda, ko *AmE* a Longman. Waɗannan ba su ce komai a kan ofis ko hira ba. Kalma na iya ɗaukar biyun a haɗe, kamar *loo* ta bayan gida, wadda ta Birtaniya ce kuma ta hira. Shigar kalma ƙamus ma ba ya mayar da ita ta ofis. A watan Janairun 2020 babban Oxford English Dictionary ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da *okada* da *danfo* da *Kannywood* da *next tomorrow*. Abin da hakan ke nufi shi ne an shaida ana faɗarsu, ba wai an ba ka izinin rubuta wa manaja *next tomorrow* ba.

Wasu kuma ra'ayin mai magana suke nunawa: *approving* yabo, *disapproving* kushe. *Thin* da *slim* da *skinny* duk siranta ce. Ta farko ba alama, ta biyu yabo ce, ta uku ta hira ce kuma galibi kushe. Sai *offensive* da *taboo*, wanda Longman ke ƙara wa da *not polite*. Waɗannan ka san su don ka gane idan an faɗa, ka bar su a nan.

Longman yana da wasu kayan aiki biyu da suka cancanci a ambata. Na farko akwatunan da aka sa wa suna *Register*, inda yake faɗa ƙarara cewa a maganar yau da kullum mutane sun fi cewa kaza maimakon kaza. Na biyu 'yan alamomin S1, S2, S3 da W1, W2, W3 da ke gefen kalma. S na magana ne, W na rubutu, lambar kuma tana nuna ko kalmar na cikin dubu ɗaya, dubu biyu ko dubu uku da aka fi amfani da su. Kalmar da ke da W ba S ta fi zama a takarda, mai S ba W kuma ta fi zama a baki. Idan alama ta yi shiru, waɗannan sukan ba da haske.

Idan ƙamus biyu suka saɓa

Zai faru. Wannan ya ce *formal*, wancan ya ce *rather formal*, na uku bai ce komai ba. Ko wannan ya ce *slang* wancan ya ce *informal*. Ba wanda ya yi ƙarya, iyakar ce ba ta da katanga, kuma editoci hukunci suke yankewa bisa tarin rubutu da maganar da suka nazarta. Idan saɓanin tsakanin *formal* da rashin alama ne, kalmar ba ta da haɗari a takarda, yi amfani da ita. Idan tsakanin *informal* da rashin alama ne kuma wasiƙar mai muhimmanci ce, bi wanda ya fi tsanani.

Duba shekarar bugu ma. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo ya fara fitowa a 1948 a hannun A. S. Hornby, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Kalmomi suna tafiya a tsakanin nan: sara ta jiya takan zama ta kowa, ta kowa takan tsufa. Tsohon kwafin da ka gada a gida yana da amfani wajen ma'ana, amma kan alama gara ka leƙa sabo.

Ga 'yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi masu rubutu da Faransanci, matakan ba su canza ba, alamomin ne suka sauya. A Le Petit Robert za ka ga *fam.* don ta hira, *pop.* da *arg.* don na titi da sara, *littér.* don ta adabi, *vx* da *vieilli* don tsofaffi. *Boulot* da *bagnole* da *bouquin* duk *fam.* ne, na tsakiyarsu kuma *travail* da *voiture* da *livre*.

A Hausa kuwa aikin ya ɗan bambanta. Babban ƙamus na Bargery na 1934 ya ba da ƙarfi wajen nuna karin harshe, wannan ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato, wato inda ake faɗar kalma a ƙasa. Tambayar ko "juna biyu" za ka rubuta ko "ciki", ko "makewayi" ko "masai", ko "ta sauka" ko "ta haihu", ba alama za ka jira ta amsa maka ba. Yi takardar nan mai gida uku, amma ka cika ta daga misalan jimla da ke cikin ƙamus, da abin da ake faɗa a labaran rediyo da sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, waɗanda su ne ma'aunin gidan dama. Wadda ba ka taɓa ji a irin waɗannan wurare ba, sai a tasha ko wurin mai shayi, ajiye ta a hagu.